An cire min kuɗi sau biyu, kaya kuma ba su cika ba: me zan riƙe kafin in je banki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar kasuwa ce a Daura, ina sayar da atamfa a gida. Na yi odar turmi 10 a wajen wani mai shago na Kano da na gani a Instagram, kowanne naira 18,500, da kuɗin mota 5,000, jimla 190,000. Ya turo min wani shafi na biya da katina na ATM, shafin ya nuna bai tafi ba, amma an cire kuɗin. Shi kuma ya ce bai ga komai ba, in yi masa taransifa, na sake tura 190,000. Da kaya suka iso tasha na tarar turmi 7 ne. Yau kwana biyar ke nan, ya daina ɗaga wayata. Me zan tanada kafin in je banki?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Na daɗe ina zama a teburin karɓar koke-koken kwastomomi a wani banki a nan Katsina, don haka bari in gaya miki yadda takardarki za ta kasance a idon wanda zai karɓe ta.

Rigima biyu ce a hannunki, ba ɗaya ba, kuma kowacce da ƙofar da ake shigar da ita. Ta farko ita ce kuɗin kati, 190,000, wadda banki ke da hurumin bi ya dawo miki da ita. Ta biyu ita ce turmi ukun da ba su zo ba, wato 55,500, wadda kika biya ta taransifa da hannunki, kuma a nan ƙarfin banki kaɗan ne. In kika cakuɗa su a takarda ɗaya kika rubuta "an damfare ni 380,000", ma'aikacin zai duba ya ga kin karɓi kaya, ya ga ke kika danna tura kuɗin, sai a rufe koken da cewa matsala ce tsakaninki da mai kaya. Kuɗin katin da suka fi sauƙin dawowa su ma sai su maƙale. Saboda haka hujjojin ma ki raba su gida biyu tun daga cikin wayarki.

Amma kafin banki, kafin komai, yau ɗin nan ki fara da hirarku da mutumin, domin ita ce kaɗai hujjar da shi ma yake da hannu a kanta. Bayanin asusunki yana nan a ajiye a banki har tsawon shekaru. Shafinsa na Instagram kuwa zai iya canza masa suna, ya goge hoton atamfar da farashinta, ko ya toshe ki cikin minti ɗaya. A WhatsApp ma yana iya goge saƙonnin da bai daɗe da turowa ba ta hanyar "Delete for everyone", kuma in ya kunna "Disappearing messages" saƙonnin da za su biyo baya za su riƙa ɓacewa da kansu bayan awa 24, ko kwana 7, ko kwana 90. Ki buɗe hirar ki duba ko akwai alamar agogo a jikin hotonsa. In akwai, kin san lokaci ba ya jiranki.

Ɗaukar hoton fuskar waya ma akwai yadda ake yinsa. Yawancin waɗanda ake kawo mana an yanke su ne, an bar layi biyu da mai koke yake ganin su ne masu muhimmanci, a sama kuma an rubuta sunan da ya ajiye lambar da shi, irin su "Mai Atamfa Kano". Wannan ba ya nuna wa kowa ko wane ne, domin ke kika raɗa masa sunan. Ki shiga bayanin mutumin ki ɗauki hoton da lambar wayarsa ta fito ɓaro-ɓaro. Sannan ki ɗauki hirar daga sallamar farko har zuwa saƙon ƙarshe, kina barin layi ɗaya ko biyu na hoton baya su sake fitowa a na gaba, yadda mai dubawa zai tabbata ba a tsallake komai a tsakani ba. Kada ki yanke gefe, kada ki zana jan layi a kan na asali, kada ki goge maganar da kike jin ba ta yi miki daɗi ba. Bayan hotunan, ki danna ɗigo ukun nan na sama, ki shiga "More", ki zaɓi "Export chat", ki ce a haɗa da hotuna da muryoyi, ki tura wa imel ɗinki ko wayar wani na gida. Abin da zai fito yana ɗauke da rana da lokacin kowane saƙo, wanda hoton fuskar waya ba kullum yake nunawa ba. A Instagram kuma ki ɗauki shafinsa gaba ɗaya da sunan da ke bayan alamar @, da tallan da kika gani, da duk inda ya rubuta adireshin shago ko lambar waya.

A cikin wannan hirar akwai wurare huɗu da su ne ƙashin bayan zancen, sauran duk rakiya ce. Inda aka tsayar da ciniki, aka ambaci turmi 10 da farashi. Inda ya turo miki shafin biyan kuɗin da kansa. Inda ya ce bai ga kuɗin kati ba, ki yi taransifa. Da kuma inda ya rubuto lambar asusun da za ki tura. Wannan na ƙarshen mutane ke rainawa, alhali shi ke ɗaure mutumin da kuɗin. Ki duba rasit ɗinki, sunan da ke kan asusun ya yi daidai da sunan mai shagon? Sau da yawa ba ya yin daidai: asusun yaron shago ne, ko na matarsa, ko na wani mai POS da ke layinsu. In babu saƙon da ke nuna shi ya ba ki wannan lambar, gobe yana iya cewa bai san mai asusun ba, kuma babu wanda zai iya ƙaryata shi da rasit kaɗai.

Na san yadda muke ciniki, rabin maganar da saƙon murya ake yinta, sauran kuma a kira. Saƙon murya hujja ce, kada ki goge ko ɗaya, amma ki sani ma'aikacin da zai duba kokenki a hedikwatar banki mai yiwuwa ba ya jin Hausa, kuma ba zai zauna sauraron minti goma ba. Ki rubuta abin da aka faɗa a cikin muhimman muryoyin, kowacce da ranarta da lokacinta, ki samu wanda zai juya miki shi zuwa Turanci ba tare da ƙari ko ragi ba. Abin da aka faɗa a kira kuwa ya wuce, sai dai jerin kiran da ke wayarki, wanda ke nuna kin yi ta nema ba a ɗaga ba. Shi ma ki ɗauki hotonsa kafin sababbin kira su ture shi.

Akwai abu ɗaya da zan so ki yi yau ko da bai amsa ba. Ki rubuta masa saƙo guda, a rubuce ba da murya ba, cikin ladabi, wanda ya tattara komai: ranar da kuka yi ciniki, turmi 10 a kan 18,500, kin biya sau biyu, turmi 7 suka iso, kina neman a cika miki uku ko a dawo da 55,500, kuma ya binciki kuɗin katin a wajensa, kin ba shi zuwa rana kaza. Amfaninsa biyu ne. A rigimar kati ana tambaya ko mai katin ya fara neman sasantawa da mai kaya, wannan saƙon shi ne amsarki. Sannan in ya amsa da irin "ki yi haƙuri Hajiya, za a ciko", to ya amsa laifi da bakinsa, kuma wannan layin ya fi shaidu uku. Zagi, tsinuwa da barazanar tona masa asiri a intanet ki bar su. Baki shi ke yanka wuya, duk abin da kika rubuta zai shiga cikin tarin da za ki miƙa, kuma shi ma yana da nasa kwafin.

To, mu zo kan kuɗin kati.

Alat ɗin da ya shigo wayarki sanarwa ce kawai, ba shi banki ke aiki da shi ba. Abin da ake dubawa shi ne sitetimen, wato bayanin shige da ficen asusu. Ki ciro shi daga manhajar bankinki ko ki karɓa a reshe, daga kwana ɗaya kafin cinikin har zuwa yau. Ki bi shi layi-layi ki nemi 190,000 a ɓangaren shiga, da kalma irin "Reversal" ko "RVSL" a gefenta. Na sha ganin wanda ya taso tun daga Mai'aduwa ko Zango da fushinsa, a buɗe asusu a tarar kuɗin sun dawo tun daren ranar, alat ne kawai bai shigo ba. In kin ga sun dawo, rigima ta farko ta mutu, kin huta da kuɗin mota.

In ba su dawo ba, abu biyu ne zai iya kasancewa, kuma hujjarsu ta ɗan bambanta. Ko dai biyan ya faɗi a hanya, bankinki ya cire amma saƙon amincewa bai koma wa shafin ba, kuɗin suna rataye tsakanin banki da kamfanin da ke sarrafa biyan. Ko kuma biyan ya tafi lafiya, kuɗin sun shiga wajen mai kaya, shafin ne ya yi gardama, ko shi ne bai faɗi gaskiya ba. A na farko, umarnin da Babban Bankin Najeriya ya fitar, wanda ya fara aiki ranar 8 ga Yuni 2020, ya ce a warware biyan POS da na intanet da ya faɗi ko ake jayayya a kansa cikin awa 72. Naki ya riga ya wuce wannan wa'adin, don haka kina da bakin magana. A na biyu kuwa, kokenki shi ne an biya kaya ɗaya sau biyu, kuma a nan rasit ɗin taransifa da saƙonsa na "ban gani ba" su ne za su yi miki aiki. Bankinki zai aika da tambaya zuwa bankin mai kaya, shi kuma a ba shi dama ya kare kansa. Abin da zai kawo ba ya wuce shaidar cewa ya aika kaya kin karɓa. In ba ki riga kin nuna cewa waɗannan kayan an biya su ta wata hanyar ba, sai a ce ai ga kaya an kai, a ba shi gaskiya.

Ta yaya za ki gane wanne ne? Ki duba imel ɗinki, har da akwatin "Spam". Kamfanonin da ke karɓar kuɗi a madadin 'yan kasuwa kan aika rasit in biya ya tafi. In kin samu rasit mai cewa "Successful", to kuɗin sun wuce, kuma wannan imel ɗin ya zama babbar hujjarki. In kin ɗauki hoton shafin lokacin da ya nuna "Failed" ko "Declined", ki haɗa da shi. In ba ki ɗauka ba, ki shiga "History" na burauzar wayarki, adireshin shafin da lokacin da kika buɗe shi suna nan. Kada kuma ki ruɗe in kika ga sunan da ke kan sitetimen ba na mai shagon ba ne. Galibi sunan kamfanin da ya sarrafa biyan ne ke fitowa, wani lokaci a haɗe da guntun sunan shagon. Ki kwafe shi harafi da harafi yadda yake.

Lambar da ake bin sawun biyan kati da ita sunanta RRN, lambobi 12 ce. A rasit ɗin POS tana fitowa tare da wata lambar bin sawu da ake kira STAN mai lambobi 6, da lambar na'urar. A biyan intanet takan fito cikin bayanin da ke gefen kuɗin a sitetimen, in ba ta fito ba ki ce wa ma'aikacin banki ya ciro miki ya rubuta a kan fom ɗin. Da ita da rana da adadin kuɗi ake gano cinikinki a cikin dubban da suka wuce a wannan sa'ar. Daga jikin katin kuwa, lambobi shida na farko da huɗu na ƙarshe sun isa. Cikakkiyar lambar kati, lambobi ukun da ke baya, PIN da OTP ba sa cikin hujja, babu ma'aikacin kirki da zai nema. Ina jaddada wannan ne saboda da zarar mutum ya rubuta kukansa a ƙarƙashin shafin banki a Facebook ko X, sai masu shafukan bogi su biyo shi da sunan za su taimaka a dawo da kuɗi. Nan ake yin asara ta uku. Kuma tunda kin shigar da katinki a shafin da baƙo ya turo, da ni ne ke, da na sa an toshe katin an ba ni sabo, in kuma duba sitetimen ko akwai wani ƙaramin cirewa da ban san da shi ba.

Wani abin kuma, a fom ɗin za a tambaye ki dalilin jayayya. Kada wani ya ba ki shawarar ki ce ba ke kika yi biyan ba don a ɗauki abin da zafi. Banki yana da bayanin cewa an tura OTP zuwa layinki kuma an shigar da shi daidai. Da an ga haka koken ya faɗi, sauran maganarki ta gaskiya ma sai a fara kallonta da shakka. Ki rubuta abin da ya faru: ni na yi, an cire, ba a ba ni komai a kansa ba, na sake biya ta wata hanya.

Rigima ta biyu ta fi wuya, gara in faɗa miki tun yanzu. Kati yana da tsarin janyo kuɗi daga mai kaya. Taransifa ba ta da shi. Kuɗin da kika tura da kanki suka shiga asusun wani, banki ba zai zare su haka kawai ba, sai mai asusun ya yarda ko kotu ta ba da umarni. Abin da bankinki zai iya shi ne ya sanar da bankin da ya karɓa, su kuma su tuntuɓi mai asusun, in alamun damfara sun bayyana su iya taƙaita asusun na ɗan lokaci. Tunda mutumin ya aiko da turmi 7, za a fi kallon abin a matsayin saɓanin ciniki. Don haka hujjojin wannan ɓangaren kina tara su ne domin wasu wuraren: shugabannin kasuwar da shagonsa yake, hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya wato FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, 'yan sanda in ta tabbata ba shi da shagon ma, ko kotu.

Rasit ɗin taransifar ki sauko da shi daga manhaja a cikakke, ba hoton alat ba. In bankinku daban-daban ne, a jikinsa akwai "Session ID", lambobi 30, ita ce shaidar da duka bankunan biyu za su iya nema su gani a tsarin NIBSS, wato kamfanin da taransifa tsakanin bankuna ke bi ta cikinsa, su tabbatar kuɗin sun sauka. In da lambar USSD kika tura, mai yiwuwa ba ki da rasit, sai ki nemi banki ya ciro miki lambar. In kuwa mai POS kika ba tsabar kuɗi ya tura miki, kamar yadda da yawa ke yi, to a idon banki shi ne ya tura, sunanki ba ya ko'ina. Sai ki koma wajensa ya sake fitar miki da rasit, ya kuma yarda zai tsaya miki shaida. Takardar POS ɗin nan rubutunta da zafi ake buga shi, ba da tawada ba, a zafin Daura in ta kwana biyu a jaka ko ta sha rana sai ta koma fara fat. Ki ɗauki hotonta ki yi fotokwafi a ranar.

Saura shaidar isowar kaya, kuma nan ne ramin yake. Shi zai ce goma ya ɗaure ya ba direba. Direba zai ce ƙulli aka ba shi, bai buɗe ba. Ke kuma kin ce bakwai kika gani. Kowa da maganarsa, to me zai raba gardama? Da kin ɗauki bidiyo tun ƙullin yana ɗaure, kina juya shi ana ganin ɗinki ko salatif bai taɓu ba, kika buɗe kika ƙirga ba tare da an tsayar da ɗauka ba, da magana ta ƙare. In ba ki yi ba, ba a rasa komai ba tukuna. Buhun ko ledar da aka naɗo kayan kada ki yar, da rubutun maka da ke jiki, sunanki da lambarki, wani lokaci har da adadin kaya. Girman ƙullin kansa shaida ne, domin mazubin da aka ɗinke a kan turmi bakwai duk ɗan kasuwa ya san ba zai ci goma ba, haka kuma in an farke an sake ɗinkewa ana gane zaren. Ki jera turmi bakwan a kan buhun ki ɗauke su hoto tare, da tambarin kowanne a fili. In da hali kada ki sayar ko ki yanka ko ɗaya har a gama, in kuma dole ce ta kama, hoton ya riga.

Sannan ki koma tasha tun abin bai tsufa ba. Ki samo sunan direban, lambar wayarsa, lambar motar, da tashar da ya yi lodi a Kano. In an rubuta webil ki ɗauki hotonsa, in kuma 'yan yuniyon ko ɗan kamasho suna da littafin da suke shigar da saƙo, ki roƙi a nuna miki layin ranar. Ki tambayi direban da lalama wa ya kawo masa kayan, ƙulli nawa, nawa aka biya shi. Kada ki je masa da zargi, shi ne mutum ɗaya tilo da ya ga fuskar wanda ya kawo kayan, kuma mai yiwuwa ya san layin da shagon yake a Kantin Kwari ko duk inda yake. Ki kuma yi wa kanki tambayar da za a yi miki: wa ya karɓo daga tasha? In yaro kika aika ko mai adaidaita, to an samu wani hannun a tsakani, kuma mai kaya zai fake da shi. Ki rubuta sunan wanda ya karɓo, ƙarfe nawa ya karɓa, ƙarfe nawa ya iso gida, da waɗanda ke wajen lokacin da aka buɗe. Saƙon farko da kika tura wa mai kaya kina cewa ba su cika ba shi ma lokacinsa na da nauyi. Wanda aka tura minti goma bayan isowar kaya ya fi wanda aka tura washegari ƙarfi nesa ba kusa ba.

Duk waɗannan in kika zube su a gaban ma'aikaci hoto arba'in a waya, ba zai bi su ba. Abin da ke sa a karanta koke shi ne shafi ɗaya da ya jera abin da ya faru bisa lokaci, kowane layi da lambar hujjarsa. Misali, ki rubuta: Litinin, ƙarfe kaza, mun tsayar da ciniki, turmi 10, hujja ta 1. Ranar dai, ƙarfe kaza, na biya da kati, an cire 190,000, RRN kaza, hujja ta 2. Bayan minti kaza ya ce bai gani ba, ya turo asusu, hujja ta 3. Na yi taransifa, Session ID kaza, hujja ta 4. Haka har zuwa isowar kaya da saƙonki na ƙarshe. Ki sa cikakken kwanan wata a kowane layi, kuma ki ɗauko lokacin daga rasit da hirar, ba daga ka ba. In takardarki ta ce Talata, sitetimen ya ce Litinin, an samu abin kamawa. A takardar banki ki ƙare da buƙata ɗaya tak: a dawo da 190,000 na kati. Maganar turmi uku ki yi mata tata takardar daban.

Kwafi za ki miƙa, na asali su zauna a wajenki. Wayar ma kada ki sayar ko ki yi mata wankin gaba ɗaya, domin in magana ta kai kotu, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman bayani a kan na'urar da aka ciro hujjar lantarki daga cikinta, lauya zai so ya ga wayar da hirar a ciki.

Ranar da kika kai koken, shi kansa kai koken ya zama hujja. Ki je da kwafi biyu, a buga miki hatimin karɓa da kwanan wata a ɗaya ki dawo da shi, ki kuma karɓi lambar koke. Kada ki yarda da "Hajiya je ki, za su dawo" ba tare da lamba ba, domin koken da ba a shigar ba babu agogon da ke ƙirga masa. Ƙa'idar Babban Banki ita ce a fara kai wa bankin mutum, a ba shi mako biyu, in bai warware ba ko amsar ba ta gamsar ba sai a rubuta wa sashen kare haƙƙin kwastomomi na Babban Bankin ta cpd@cbn.gov.ng. Abin da za su fara nema shi ne shaidar cewa kin kai wa bankinki da ranar da kika kai. Jayayyar kati kuma tana da wa'adi. A tsarin Visa da Mastercard yawanci kwana 120 ne, amma kada ki auna da wannan, banki na buƙatar nasa lokacin kafin ya tura, kuma mai kaya na iya kwashe abin da ke asusunsa. In akwai reshen bankinki a Daura gobe da safe ki je, in sai Katsina ne, ki fara tura takardar da hujjojin ta imel ɗin koke na bankin da ke bayan katinki ko cikin manhaja yau, ranar da imel ɗin ya fita ita ce za a fara ƙirgawa daga kanta.